Yadda ake amsa "nawa ne?" a ƙarƙashin talla har ciniki ya faɗa

Duk mai sayar da kaya ta waya a Kumasi ta san wannan yanayin. Kin ɗauki hoton abaya mai kyau, kin biya Facebook ko Instagram sun tura tallar ga jama'a, kafin la'asar mutum arba'in sun rubuta abu ɗaya a ƙarƙashinta. Wata ta ce "nawa ne?", wata ta rubuta `How much`, wata da Ashantanci ta ce `Ɛyɛ sɛn?`. Kin bi su ɗaya bayan ɗaya kina cewa su shigo saƙon sirri, dare ya yi, ko abaya ɗaya ba ta fita ba.

Inda cinikin yake lalacewa shi ne a amsar farko. Amsar da kika rubuta a ƙarƙashin talla ba ta wadda ta yi tambaya kaɗai ba ce. Akwai mata da yawa da suke karantawa ba su ce uffan ba, kuma da abin da suka gani kin gaya wa wata za su yanke shawarar ko su yi miki magana ko su wuce. Don haka ƙa'idata ita ce a faɗi farashi a fili, a faɗe shi cikakke, sannan a rufe amsar da tambaya guda ɗaya mai sauƙin amsawa.

Zan bi da misalin mai sayar da abaya a Aboabo, wadda ta saro guda ashirin gab da ƙaramar salla. Kuɗin da zan ambata na lissafin misali ne, ki sa naki a gurbinsu. Mai sayar da waya a Adum ko mai turare a Alabar, hanyar ɗaya ce.

Ki gama lissafi kafin tallar ta fita

Yawancin masu ɓoye farashi ba wayo ne ya sa su ba, su ma ba su tsayar da shi ba ne. Suna jira su ga wa ke tambaya kafin su yanka. Wannan yana yiwuwa a rumfar Kejetiya, inda kike kallon mai saye ido da ido. A ƙarƙashin talla kuwa, idan kika gaya wa wata 380 kika gaya wa ƙawarta 420, su biyun za su haɗu a wajen suna ko biki su gwada, kuma a zango irin wannan labari ba ya kwana.

Mai abayarmu ta saro kowace ɗaya a sidi 260. Kuɗin mota da leda sun ci 15 a kan kowace. Ta ware sidi 200 na talla, idan aka raba wa abaya ashirin ya zama 10. Idan an biya ta Momo, wato asusun kuɗi na waya, ta je cirewa, za a yanke mata kusan kashi 1 cikin 100, wato wajen sidi 4. Ke nan kowace abaya ta tsaya mata a kan kusan 290. Daga nan ta tsayar da lambobi uku: farashin da za ta faɗa, 380, farashin guda biyu, 720, da kuma ƙasan da ba za ta sauka ba ko wa ya roƙa, 350. Na ukun nata ne ita kaɗai, ba ya shiga ƙarƙashin talla.

Sai kuɗin kai kaya. Ki zauna da mai babur ɗin da kike aiki da shi ku raba gari gida uku: unguwannin kusa irin su Asawase da Sawaba, na tsakiya irin su Tafo da Suwame, da na nesa irin su Ejisu. Ki je tashar Asafo ki tambayi nawa ake aika ƙaramin ƙunshi zuwa Akra, ki tambayi na motar Tamale ma. Mai sayarwar da aka tambaye ta kuɗin kaiwa ta ce "bari in tambaya" ta ba mai saye lokacin da za ta huce.

Abu na ƙarshe, ki ba kowace abaya lamba a jikin hoton: A1, A2, A3. In ba haka ba za ki sha "baƙar nan nawa ce?" alhali baƙaƙe biyar kika sa.

Amsar farko

Wata ta rubuta "nawa ne?" kawai. Ga yadda mai abayarmu za ta amsa:

"Sannu Hajiya. A3 sidi 380 ce, da mayafinta. Akwai baƙa da ruwan toka, lamba 54 zuwa 58. Muna Aboabo, ana zuwa a gani, muna kuma kaiwa. Wace lamba kike sawa?"

Kowace jimla a nan da aikinta. Gaisuwar gajera ce, domin doguwar gaisuwa tana tura farashin ƙasa inda sai an danna kafin a gan shi. Farashin ya zo tare da abin da ke cikinsa, saboda 380 da mayafi ba ɗaya ba ne da 380 babu mayafi, kuma mai karatu tana gwada ki da wata da ta gani ɗazu. Ambaton Aboabo da cewa ana zuwa a gani shi ne yake kwantar da hankalin wadda aka taɓa cuta. Ko ba za ta zo ba, sanin cewa akwai ƙofar da za ta iya ƙwanƙwasawa ya wadatar da ita.

Tambayar ƙarshe ce ƙashin bayan amsar, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Idan kika faɗi farashi kika yi shiru, kin bar wa mai tambaya zaɓi biyu, ta saya yanzu ko ta wuce, kuma mafi yawa wucewa za su yi don ba su shirya ba. Idan kika ce "za ki saya?" kin matsa mata. Amma "wace lamba kike sawa?" tambaya ce da ba ta ɗaure kowa. Amsarta kalma ɗaya ce, kuma da zarar ta rubuta "56" ta fara hango kanta cikin rigar. Tambaya ɗaya tak za ki yi. Wadda aka jero wa lamba da launi da unguwa da ranar biya a lokaci guda ba ta amsa ko ɗaya.

Wasu ba su san lambarsu ba, sai ki taimaka a fili domin wasu ma su amfana. Lambar abaya tsawonta ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ki ce ta ɗauki doguwar rigar da ta yi mata daidai ta auna da tef ɗin tela, abin da ya bayar shi ne lambarta. Wannan bayani kaɗai yana rage kayan da ake dawowa da su.

Na san hujjar masu cewa a ɓoye farashi: wai masu sayar da irin kayan za su gani su karya. Ni ban yarda da ita ba. Abokiyar sana'arki da ke son sanin farashinki za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki a ɓoye, cikin minti biyar ta ji. Wadda kika hana ji ita ce mai saye mai kunya, wadda take tsoron ta shigo sirri ta ji kuɗin ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta fita. Inda ɓoyewa take da dalili shi ne kayan da farashinsu ya dogara da aiki, kamar ɗinki ko lefe, ko kuma sari. Ko a nan ma ki ba da mafari: "daga sidi 300 ne, ya danganta da yadi."

Ki amsa da harshen da aka tambaye ki. Wadda ta yi Turanci ki mayar mata da Turanci, wadda ta yi Ashantanci ki gaishe ta da shi in kin iya. Kuɗin kuma a rubuta shi da lamba, da `GH₵` a gabansa. Wannan yana da dalili na musamman a Gana. Tun 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har gobe iyayenmu da yawa da tsohon lissafi suke ciniki. Idan Mma ta rubuta "miliyan uku da rabi zan ba ki", sidi 350 take nufi. Ki maimaita mata da lamba kafin ku ci gaba, don kada ranar biya a samu saɓani.

Game da lokaci, wadda ta tambaya tana riƙe da waya ne a wannan lokacin, bayan awa uku ta shiga girki ko ta ga wata tallar. Kada ki saki talla a ranar da za ki wuni a wajen biki. Ki lura da lokacin da tambayoyinki suka fi zuwa, a azumi sau da yawa bayan an sha ruwa ne da bayan tarawi, ki zauna musu a lokacin. Ki kuma riƙa duba `Inbox` na Meta Business Suite, manhajar kula da shafin kasuwanci a Facebook da Instagram, domin tallar da aka haɗa ta Ads Manager, wato wurin tsara tallar biya, ba lallai ta bayyana a shafinki ba, tambayoyi su taru a can ba ki sani ba.

Idan aka taya

Ta ce 56 take sawa, sannan ta ƙara da "300 fa, Hajiya?" Tayi alama ce mai kyau, wanda ba ya son kaya ba ya taya su. Amma kada ki sallama a bainar jama'a. Ragin da kika yi wa mutum ɗaya a fili ya zama sabon farashinki, duk wadda ta zo bayanta daga nan za ta fara tayi, wadda ta riga ta biya 380 jiya kuma za ta ji an ci da guminta.

Abin da za ki rubuta shi ne: "Albarka, Hajiya. Guda ɗaya 380 ce, amma in biyu za ki ɗauka 720 ne. Lamba 56 saura biyu a baƙa. In ajiye miki ɗaya?" Kin ƙi tayin cikin mutunci, kin nuna ƙofar ragi wadda kowa zai iya bi, kin kuma sake rufewa da tambaya. Maganar "saura biyu" sai in gaskiya ce. Idan kika faɗe ta yau, mako mai zuwa aka ga kina tallar lamba 56 har yanzu, babu mai sake yarda da ke.

In har za ki sauka, sai a sirri, kuma da dalili: tsohuwar mai saye ce, ko za ta zo ta ɗauka da kanta, ko za ta biya nan take. Daga 380 ki sauka 365, in ta matsa 350, a nan ki tsaya. Sau da yawa rage kuɗin kaiwa ya fi rage farashi alheri. Idan kaiwa Tafo sidi 30 ne kika ce kin ɗauki rabi, sidi 15 kika bayar, farashin abayarki bai motsa ba, ita kuma ta ji an yi mata gyara.

Wadda ta ce "ya yi tsada, a Kejetiya 250 ne", kada ki kushe kayan Kejetiya, wataƙila ƙanwar mai karatu ce ke sayar da su. Ki faɗi abin da ke jikin naki wanda za a iya gani: irin yadin, ko yana nuna jiki a rana ko ba ya nunawa, duwatsun ɗinke suke ko manne. Ki ce za ki turo bidiyon da aka ɗauka a hasken rana. In kina da mai araha, ki nuna mata ita.

Lokacin komawa sirri

Ana komawa sirri ne idan magana ta kai ga abin da bai kamata jama'a su gani ba, wato lambar waya, kwatancen gida da biyan kuɗi. Kada ki ce wa mai saye ta rubuta lambarta a ƙarƙashin talla. Akwai 'yan damfara da aikinsu ke nan, su bi tallace-tallace su kwashi lambobin masu tambaya, su kira su da sunan su ne masu kayan, su karɓi kuɗi. Wadda aka cuta haka ke za ta zarga. Idan wata ta rubuta lambarta da kanta, ki ɗauka, ki ɓoye rubutun da `Hide`, ki gaya mata dalili a sirri.

Ke za ki fara tura saƙon, kada ki jira ta nemo ki. A fili ki rubuta "na turo miki saƙo yanzu, ki duba", saboda saƙon wanda ba a bi yakan faɗa cikin `Requests` inda ba a cika dubawa ba. In WhatsApp kike son a koma, ki haɗa mahaɗin da zai buɗe hira da lambar kayan a rubuce. Ana cire sifirin farkon lambar waya a sa 233:

```
https://wa.me/233XXXXXXXXX?text=Abaya%20A3
```

A Facebook ana iya danna shi a cikin amsa. A Instagram mahaɗin da aka sa a amsa ba ya dannuwa, sai ki ajiye shi a bayanin shafinki ki ce a duba can.

Saƙonki na farko a sirri ya ɗora daga inda kuka tsaya. Kada ki sa ta maimaita abin da ta riga ta faɗa. "Salamu alaikum Hajiya, batun A3 baƙa ce lamba 56. Ga bidiyonta. Wace unguwa za a kai?" Ta ce Tafo. Sai ki haɗa mata jimla ɗaya: abaya 380, kaiwa 30, duka 410, za ta iso gobe kafin azahar. Ki nemi kwatance da sanannen wuri, masallaci ko gidan mai, in tana da adireshin GhanaPostGPS ta haɗa da shi. Bayanan da kike yawan maimaitawa, kamar yadda ake auna lamba da kuɗin kaiwa, ki ajiye su a `Quick replies` na WhatsApp Business, ki danna `/` su fito, amma ki gyara gaisuwar ta dace da wadda kike magana da ita. Yarinya sa'ar ƙanwarki da dattijuwa sa'ar mahaifiyarki ba a yi musu sallama iri ɗaya.

Biyan kuɗi

A nan tsoro yake kama ɓangare biyu, ita tana tsoron ta tura kuɗi ki ɓace, ke kina tsoron ki tura kaya ta ƙi karɓa. A cikin Kumasi maganin mai sauƙi ne: ta tura kuɗin babur tun farko, ta biya na abaya idan ta gani. Wadda ta biya 30 da wuya ta kashe waya idan mai babur ya iso. Na Akra ko Tamale kuwa a biya duka kafin kaya su hau mota, ke kuma ki turo hoton ƙunshin da sunanta a jiki, da rasit ɗin tasha, da lambar da za ta kira. In ta ce a ajiye mata zuwa ƙarshen wata, ki karɓi kafin alƙalami, ko da sidi 100 ne, ku tsayar da rana. Ajiyar baki kawai ita ce take sa salla ta wuce kaya suna hannunki.

Ki gaya mata sunan da zai fito a Momo kafin ta tura. Idan shafinki sunan shago ne, lambar kuma da sunan mijinki aka yi mata rajista, ta ga sunan namiji ba ki faɗa mata ba, za ta fasa, kuma tana da gaskiya. Yana da kyau ki rubuta wannan suna a amsar da kika maƙale a saman talla, ki ce ba ku da wata lamba sai ita. Harajin tura kuɗi da aka fara cira a 2022 an soke shi a Afrilun 2025, don haka babu dalilin ƙara shi a lissafi.

Hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa. Haka ma saƙon da ya shigo daga lambar waya ta mutum yana cewa an turo miki kuɗi. Saƙon MTN na gaskiya da sunan `MobileMoney` yake zuwa, kuma ko shi ma ki tabbatar, ki danna `*170#` ki duba abin da ke asusunki kafin mai babur ya tashi. Idan wani abu ya fito a wayarki yana neman lambar sirrinki alhali kuɗi kike jira, to fita kuɗin za su yi. Karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri.

Masu ƙorafi da masu shiru

Wata za ta zo ƙarƙashin sabuwar talla ta ce wadda ta saya wancan watan duwatsunta sun zube. Hannunki zai yi ƙaiƙayin gogewa, ki daure. In kin goge za ta dawo da zafi, ta kai maganar inda ba ki da ikon amsawa. Ki amsa a fili, a taƙaice: "Ki yi haƙuri Hajiya, ban ji daɗin haka ba. Na turo miki saƙo, ki kawo ta a gyara ko a canja." Idan an warware, ki dawo ki rubuta cewa an canja mata. Masu karatu sun fi natsuwa da wannan a kan yabo goma. Zagi tsagwaronsa, da masu liƙa tallarsu a ƙarƙashin taki, su ne na ɓoyewa. A Facebook abin da kika ɓoye mai rubutun da abokansa suna ci gaba da ganinsa, sauran jama'a ba sa gani, don haka ba ya tayar da rigima kamar gogewa.

Wadda ta tambayi lamba ta yi shiru, ki taɓa ta sau ɗaya washegari, da labari sabo: "Hajiya, mai babur zai bi ta Tafo gobe da safe, in sa taki a ciki?" In ba ta amsa ba ki bar ta, sai sabbin kaya sun zo.

Idan talla ta ƙare, ki ɗauki littafi ki ƙirga abu huɗu: nawa suka tambayi farashi, nawa suka amsa tambayarki, nawa suka shigo sirri, nawa suka biya. A ce mai abayarmu ta samu 40, 12, 7 da 4. Inda lambar ta fi faɗuwa, can matsalar take. Idan an tambaya da yawa amma kusan babu mai amsawa bayan jin farashi, ko dai amsarki ta makara, ko tallar tana zuwa wa waɗanda ba masu sayen abayar 380 ba ne, sai ki rubuta farashin a jikin hoton talla ta gaba ki kuma taƙaita garuruwan da za a nuna ta. Tun farko za ki sa shi. Idan suna shigowa sirri su ɓace da jin kuɗin kaiwa, ki fito da shi fili tun a amsar farko. Idan kuma sai an zo tura kuɗi suke janyewa, amana ce ba ta samu ba, sai ki ƙara bidiyon shagonki, ki faɗi sunan Momo da wuri, ki bar 'yan cikin gari su biya bayan sun ga kaya.